Tallan rediyo na sakan 30: Garabasar Sallah a Gidan Kayan Ɗaki na Alheri

Muryoyi uku ne: Alhaji (dattijo, murya mai kauri, ba ihu), Hajiya (matarsa, mai ɗan tsiwa amma da ladabi), sai mai shela. Za a fara sakawa daga 15 ga Ramadan, bayan buɗa baki da kuma lokacin sahur.

Don Allah ƴan situdiyo kar a sa kiɗa a na cikin azumi, mai shagon ya ce sam baya so kuma gaskiyarsa ne, sautin gida kawai ya isa, ƙarar cokali a kofi da rediyo can ƙasa-ƙasa kamar ana tafsiri a nesa.

NA FARKO (15 zuwa 24 ga Ramadan)

Sauti: Alhaji ya zauna, kujera ta yi ƙiiiƙ. Sakan 2.

ALHAJI: Wash! Hajiya, ina soson kujerar nan ya tafi ne? Katako nake ji fa.

HAJIYA: Yau ka sani Alhaji? Ga Sallah ta matso, surukai za su zo gaisuwa, a kan wannan za mu zaunar da su?

ALHAJI: To ya zan yi, komai ya yi tsada.

HAJIYA: Ai a Alheri an karya farashi!

MAI SHELA: Garabasar Sallah a Gidan Kayan Ɗaki na Alheri! Kujeru, gado da sif da madubi, katifa, an rage kashi 20 cikin 100. Mu kai maka gida a cikin Kano, mu haɗa maka, kyauta. Titin Gidan Zoo, Kano. Zuwa jajiberin Sallah kawai!

ALHAJI: Ɗauko mayafinki.

Maganar Alhaji da Hajiya kar ta wuce sakan 14, mai shela ya ɗauki 12, sauran na Alhaji ne a ƙarshe. Wajen “mu kai maka gida, mu haɗa maka, kyauta” ɗin nan a ja shi a hankali kar a haɗiye shi, shi ne zuciyar tallan gaba ɗaya, domin duk wanda ya taɓa sayen gado ya san bayan ka biya kuɗin kaya sai ka biya ɗan a-kori-kura sannan ka zo kana neman kafintan da zai haɗa maka, kuma a satin Sallah kafinta da tela ba mai samunsu, to mu wannan wahalar muka ɗauke wa mutane kuma ita nake so su ji ta zauna musu a kunne.

NA BIYU (25 ga Ramadan zuwa jajiberi)

Wannan na iyayen amare ne, tunda an san yadda bukukuwa ke rincaɓewa da an sauko daga idi. Hajiya ce da ƙanwarta a waya, sai a samo murya ta huɗu, mace mai ƙuruciya.

Sauti: waya ta yi ƙara sau ɗaya, an ɗaga.

ƘANWA: Yaya, sati 2 bayan Sallah fa za a yi jeren Amira, har yanzu kafinta cewa yake gobe gobe.

HAJIYA: Ke ma dai! Wa ke jiran kafinta yanzu? Je ki Alheri, a haɗe suke, ki taɓa da hannunki ki zaɓa.

ƘANWA: Kuɗin fa Yaya?

MAI SHELA: An rage kashi 20 cikin 100 a Gidan Kayan Ɗaki na Alheri! Ki biya yau, mu ajiye miki har ranar jere, mu kai mu haɗa kyauta a cikin Kano. Muna buɗe da rana, muna dawowa bayan tarawihi har 11 na dare. Titin Gidan Zoo. Garabasa za ta ƙare ranar jajiberi!

ƘANWA: Yaya, gani nan zuwa, ki raka ni.

Ƙanwar nan damuwa ce ta gaske a muryarta, ba abin dariya ba ne, uwa ce da ranar jeren ƴarta ta matso kuma ɗaki ba gado, don haka kar a mai da ita wasan barkwanci.

Mai shela kuma kar ya ambaci ranar wata a bakinsa, “jajiberi” kawai zai ce, saboda azumi 29 za a yi ko 30 sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Da an sanar a cire tallan duka a daren, kar wani ya taso ranar idi ya tarar da shago a rufe. A turo min samfurin muryoyin kafin Alhamis mai shagon ya saurara.