Tsarin Bincike: Amfani da Kafofin Sada Zumunta a Tsakanin Ɗaliban Jami'ar Bayero, Kano

An gabatar wa Kwamitin Karatun Gaba da Digirin Farko na Sashen Koyar da Harsunan Nijeriya, domin neman amincewa a fara aikin kundin digiri na biyu a ɓangaren al'ada.

1. Shimfiɗa

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. An ƙirƙiro Facebook a 2004, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, Instagram kuma a 2010. Ke nan akasarin ɗaliban da ke neman digirin farko a yau sun buɗi ido ne sun tarar da waya a hannun iyayensu, kuma da su aka yi dogon zaman gida na annobar korona a 2020, wasunsu har da yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022. A waɗannan lokuta ne zauren WhatsApp na aji ya tashi daga wurin gaisuwa ya koma allon sanarwa. A nan wakilin aji yake faɗin an ɗage lakca ko an canza ɗaki, a nan ake tura handawut da tambayoyin jarrabawar bara, a nan ake karo-karon kuɗin bugun takarda. Ɗalibin da datarsa ta ƙare da daddare yana iya biyan kuɗin adaidaita sahu daga Kurna zuwa sabuwar jami'a da sassafe, ya tarar da aji wayam, domin an sanar da ɗagewar tun ƙarfe goma na dare.

Amma dai wannan wayar ce ke hana shi barci har ƙarfe biyu yana kallon bidiyon TikTok. Wannan bincike yana son ya kalli abubuwan biyu tare, kamar yadda suke a hannun ɗalibi.

2. Dalilin Bincike

Maganar da ta fi yawo a bakin iyaye da malamai ita ce waya ta kashe karatu. Ban raina wannan koke ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya ga kawuna a sunkuye ya san ba a banza ake yin sa ba. Inda nake da ja shi ne yadda ake auna abin. Hanyar da aka saba bi ita ce a tambayi ɗalibi awa nawa yake yi a kafofin sada zumunta, a tambaye shi makinsa, a gwama biyun, a yanke hukunci. Wannan hanya tana da rauni biyu.

Na farko, mutane ba su iya ƙiyasta lokacin da suke ɓatawa a waya daidai ba. Wani nazari da Parry da abokan aikinsa suka fitar a 2021, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa abin da mutane suke faɗa da bakinsu sau da yawa ba ya dacewa da abin da na'urar ta rubuta. Na biyu, awa ba awa ba ce. Ɗalibar da ta yi awa biyu a Telegram tana sauke littattafai, da wadda ta yi awa biyu tana amsa masu sayen atamfa da turaren wuta a sitatus domin ta haɗa kuɗin rajista, da wadda ta yi awa biyu tana bin rigimar 'yan fim, duk a gurbi ɗaya takardar tambaya za ta zuba su. Wannan ba adalci ba ne, kuma shawarar da aka gina a kansa ba za ta amfani kowa ba.

Akwai kuma abin da binciken ƙasashen Turai da Amurka bai cika damuwa da shi ba, alhali a nan shi ne kan gaba: tsadar data da rashin wuta. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kusan kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da ke sayen datar dare saboda ta fi araha, ba lallai ne son raba dare ya hana shi barci ba. Aljihunsa ne ya zaɓar masa lokacin.

3. Manufa da Tambayoyin Bincike

Manufar ita ce a gano me ɗalibai suke yi a waɗannan kafofi, ba tsawon zamansu a ciki kaɗai ba, sannan a ga yadda kowane irin amfani yake shafar karatu da barci da mu'amala. Tambayoyi huɗu za su ja ragamar aikin:

(a) Waɗanne kafofi ɗalibai suka fi shiga, a wane lokaci, kuma don wace buƙata?
(b) Mene ne tazarar da ke tsakanin lokacin da ɗalibi ya faɗa da wanda wayarsa ta nuna?
(c) Wace alaƙa ce tsakanin nau'in amfani da matsakaicin makin ɗalibi?
(d) Da wane harshe ake magana a zaurukan aji, kuma yaya ladubban Bahaushe irin su sallama da gaisuwa da kunya da girmama na gaba suke kasancewa a can?

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta kawo aikin wannan sashe. Ɗalibin da ba zai iya shiga ofishin malami ba sai ya yi sallama ya rusuna, shi ne zai tura masa saƙo tsakar dare babu ko gaisuwa. Ina son in san ko ɗalibai suna ganin wannan a matsayin rashin ladabi, ko kuwa wata sabuwar ƙa'ida ce ta tsiro wadda manya ba su san da ita ba.

4. Bitar Ayyukan da Suka Gabata da Ra'in Bincike

Kirschner da Karpinski, a 2010, sun sami cewa ɗaliban da ke amfani da Facebook sun bayar da rahoton maki ƙasa da na waɗanda ba sa amfani da shi. Junco, a 2012, ya ƙara gaba: yawan lokaci yana tafiya da raguwar maki, amma abin ya danganta da me ake yi, domin musayar bayanai dabam, hira dabam. Duka biyun a Amurka aka yi su, kafin zuwan TikTok. Babi na biyu zai bi waɗannan, ya haɗa da kundayen da aka rubuta a jami'o'in Arewa kan Hausar intanet da ta saƙon waya.

Za a ɗora aikin a kan ra'in amfani da biyan buƙata, wanda Katz da Blumler da Gurevitch suka fayyace a farkon shekarun 1970. Ra'in yana ɗaukar mai amfani da kafar watsa labarai a matsayin mai zaɓi, wanda ke zuwa da buƙatarsa. Yana da iyaka, domin manhajojin yau an ƙera su ne su riƙa miƙo bidiyo bayan bidiyo ba tare da an nema ba. Saboda haka zan tambayi ɗalibai abin da ya kai su, sannan abin da ya zaunar da su.

5. Farfajiyar Bincike

Ɗaliban digirin farko na aji biyu zuwa aji huɗu, a tsohuwar jami'a da sabuwa. An cire 'yan aji ɗaya saboda ba su tara maki ba tukuna. Kafofin su ne WhatsApp, Facebook, TikTok, Instagram, Telegram da X, wato tsohon Twitter.

6. Hanyoyin Gudanar da Bincike

Za a bi matakai uku. Da farko takardar tambayoyi, cikin Hausa da Ingilishi, domin ba duk ɗalibin Bayero ne Bahaushe ba. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya nuna mutum 384 sun isa wakiltar jama'a mai yawa. Zan raba 420 saboda waɗanda za su ɓace ko su dawo a cike rabi. Za a ɗauki ɗalibi 105 daga kowace tsangaya cikin huɗu: Fasaha da Nazarin Addinin Musulunci, Ilimi, Shari'a, da Injiniya. A takarda za a raba, hannu da hannu. Idan aka tura ta intanet, masu wadatar data ne kawai za su amsa, an kuwa rasa waɗanda aka fi buƙatar ji daga gare su. Kafin nan za a gwada takardar a kan ɗalibi 30 na wata tsangaya dabam.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Ɗalibi 60 da suka yarda za su buɗe `Digital Wellbeing` a wayar Android, ko `Screen Time` a iPhone, su nuna lissafin kwana bakwai na kowace manhaja. Za a yi haka sau biyu: a tsakiyar zangon karatu, da kuma makon da ya gabaci jarrabawa. Wayar tana hannun mai ita, shi zai buɗe, ni in kwafi lambobin kawai. Kafin ya buɗe sai ya fara faɗin ƙiyasinsa, a rubuta. Za a kuma tambayi ko wani yana aron wayar, domin a ɗakunan kwanan ɗalibai waya ɗaya kan zaga hannu uku.

Mataki na uku tattaunawa ce: zama shida na mutum takwas-takwas, uku na maza, uku na mata. Raba su wajibi ne. Akwai maganganu, irin su saƙonnin banza daga baƙin lambobi da barazanar yaɗa hoto, da ɗaliba ba za ta furta gaban maza ba, kuma mace ce za ta jagoranci zamansu. Sai hira da wakilan aji takwas da malamai takwas. Alƙaluma za a sarrafa su da SPSS, maganganu kuwa a rubuta su a karkasa bisa jigo.

7. Kiyaye Amanar Masu Amsa

Ɗalibai suna da dalilin ɗari-ɗari. A 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter har tsawon wata bakwai, kuma a ƙarshen 2022 an tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a can. Don haka ba za a karɓi suna ko lambar rajista ko lambar waya a takardar tambayoyi ba. Maki kuwa rukuni-rukuni za a tambaya, ba za a taɓa fayil ɗin kowa ba. Ba zan shiga zauren aji ba sai wakilin aji ya sanar kuma 'yan zauren sun amince, sannan duk saƙon da zai shiga kundi sai an goge abin da zai nuna mai shi, daidai da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. Kowa yana da damar janyewa ba tare da ya faɗi dalili ba.

8. Iyakokin Bincike

Alaƙa ba sababi ba ce. Idan aka ga masu yawan kallon bidiyo suna da ƙarancin maki, mai yiwuwa wayar ce ta ja su baya, mai yiwuwa kuma karatun ne ya yi musu nauyi suka fake a waya. Kundin zai faɗi iya abin da alƙaluma suka ɗauka. Haka nan sakamakon na jami'a ɗaya ne.

9. Lokaci da Kuɗi

Aikin zai ci wata goma sha biyu: uku na bita da neman izini, ɗaya na gwaji, huɗu na tattara bayanai, huɗu na nazari da rubuta babi biyar. Tattara bayanai dole ya faɗo cikin zangon karatu guda; idan kalandar jami'a ta motsa, shi ma ya motsa tare da ita.

Kuɗin da ake buƙata naira 350,000 ne: 60,000 na bugun takardu, 120,000 na mataimaka huɗu, maza biyu mata biyu, 80,000 na sufuri da abin taɓawa a zaman tattaunawa, sai 90,000 na datar naira 1,500 ga kowane ɗaya daga cikin ɗalibai 60 na mataki na biyu, wadda za a ba su bayan an gama ɗaukar lissafi na ƙarshe, don kada kyautar ta ƙara musu lokacin da ake aunawa.