Umarnin hotunan abinci don takardar gidan abincin Hajiya da ke Rayfield, Jos

Ƙanena, ga umarnin da za ka shigar wa manhajar haɗa hoto. Hajiya ta kafa sharaɗi ɗaya: abin da mai saye ya gani a takarda, shi za a ajiye masa a tebur. Saboda haka kada ka ƙara nama, kada ka ƙara ado. Kuma kada ka tsaya ga sunan abincin kawai. Jiya na rubuta "masa" zalla, sai manhajar ta kawo mini wata faffaɗar waina irin ta Turawa da zuma na zuba a kai. Dole sai an siffanta mata komai tamkar wadda ba ta taɓa shiga madafa ba.

Matashiya: ka liƙa wannan a saman kowane umarni

Hoton abinci na zahiri, kamar an ɗauka da kyamara a cikin gidan abinci da hantsi. Haske ɗaya ne tak, na taga, yana shigowa daga hagu, ya ɗan karkato daga bayan faranti. Inuwa mai laushi ta faɗi dama, kada a goge ta. Tebur na katako mai duhu, marar sheƙi, ana ganin zanen itacen. Bango ruwan toka mai duhu, a dushe. Launin abinci yadda yake a ido. Tsarin hoto 4:5, a bar sarari a sama don rubuta suna da farashi.

Tuwon shinkafa da miyar taushe

Malmala biyu ta farin tuwo a farantin tangaran fari marar zane, an mulmula su da mara, gefen guda ya ɗan lotsa inda marar ta taɓa. Fuskar tuwon ba sumul ba ce: ana ganin burbushin ƙwayar shinkafar da ba ta gama narkewa ba, da ɗan danshi a sama. Miya a kwano daban, mai kauri, launinta tsakanin ruwan ɗorawa da ja saboda kabewa da manja, yankakken alayyafo ya yi laushi ya yi duhu, nama yanka uku, ɗaya da ƙashi. Siririn mai ya taru a bakin kwanon yana kama haske. Tururi siriri yana tashi daga miyar, ya murɗe ya karkata dama, ya ɓace kafin ya kai saman hoto. Daga tuwon kuma kaɗan ne, da ƙyar ake ganinsa. Kyamara a kusurwar digiri 45, gilashin kyamara mai milimita 85, buɗin gilashin f/4, idon kyamara a kan gaban miyar.

Nan ne za ka fi shan wahala. Farin tuwo a farin faranti, in haske ya zo daga gaba, ƙwallon auduga zai koma. Hasken gefe ne ke fito da ƙananan ramukansa. Tururi ma ba ya fitowa sai haske ya ratsa shi kuma bayansa da duhu, shi ya sa na hana farin bango. In manhajar ta yi maka tururi mai kauri kamar an ƙona shara, ƙara wannan: "tururi kaɗan, ana hango bango ta cikinsa."

Masa

Masa guda biyar a kan faifai da aka shimfiɗa wa farar takarda. Kowace zagayayya ce, faɗinta bai kai tafin hannu ba, tsakiya ya kumbura, baki ya yi siriri, siffar ramin tanda. Gefe ya soyu ya yi ja-ja, ba daidai ba, wata ta fi wata ƙuna. An ɓare guda ɗaya da hannu, cikinta fari ne mai ƙananan ƙofofi kamar soso, tururi na fita daga tsagar. Digon mai ya jiƙa takardar a wuri biyu. Ƙaramin kwanon yaji a baya, a dushe. Kyamara ƙasa-ƙasa, kusan daidai da tebur, milimita 100, f/4. Ba zuma, ba cokali mai yatsu, ba a jera su bisa juna.

Gwaten acca

Gwate mai kauri a cikin akushi baƙi. Ƙwayar acca ƙanana ƙwarai, sun fi gero ƙanƙanta nesa, sun dahu sun haɗe da ganyen yakuwa da alayyafo da gutsattsarin gauta. Saman bai kwanta lif ba, akwai shatar ludayi inda aka zuba. Cokali ɗaya a nutse, ya ɗago kaɗan don kaurin ya bayyana. Tururi ya fi na sauran hotuna yawa, kamar safiyar hunturu a Jos, amma kada ya rufe abincin. Digiri 45, f/5.6.

Wannan abincin mutanen Filato ne, masu shigowa daga Bukuru sun san shi ciki da bai. In ya fito kamar faten wake ko kunun Turawa, share shi ka sake.

Tsire

Tsinke huɗu a kan takarda mai ruwan ƙasa. Nama yankan falle, an tsire shi a lanƙwashe, garin ƙuli-ƙuli da yaji ya manne masa, wani wuri a bushe garas-garas, wani wuri mai ya jiƙa shi ya yi duhu. Baki-bakin ya ɗan babbake. Albasa mai ruwan hoda yankan zobe, tumatir da kabeji a gefe ɗaya, an watsa su da hannu. Yaji ya zube a takarda. Haske ya kwanto ƙasa sosai daga hagu har kowace ƙwayar yaji ta yi 'yar inuwarta. Ba tururi, sai dai ɗan hayaƙi siriri daga tsinke ɗaya. Milimita 100, f/5.6.

Soyayyen dankalin Turawa da ƙwai

Dankalin Jos yankan hannu, ba tsawo ɗaya ba, wasu da ɗan ɓawo a baki, sun soyu ruwan zinariya. Ƙwai soyayye da attaruhu da albasa a gefen faranti. A ɗauka daga sama kai tsaye, milimita 50, f/8.

Farfesun kayan ciki

Kwano mai zurfi, romo tsararo mai ruwan ƙasa, idanun mai suna yawo a sama, hasken taga na faɗawa cikinsu. Tumbi mai saƙar zuma ya leƙo saman romo, ga hanji a naɗe, ga hanta yanka biyu. Jan attaruhu ƙanana. Bakin kwano a goge tas, amma digo ɗaya ya gangaro ta waje. Tururi ya tashi daga tsakiya.

Hajiya ta ce a cire digon. Na roƙe ta ta bar shi, domin shi ne ke sa ido ya yarda cewa hannu ne ya zuba.

Fura da nono

Ƙwarya da ludayin duma a jingine. Nono fari mai kauri, furar gero an dama ta amma da sauran gudaji masu ruwan toka. Curin fura ɗaya a kan faifai, an barbaɗe shi da gari. Abin sanyi ne, ba tururi ko kaɗan. Haske daga hagu ya bi jikin ƙwaryar ya nuna zanenta.

A liƙa wannan a ƙarshen kowanne

Ba hannun mutum, ba rubutu a cikin hoto, ba furanni, ba ganyen ado da ba a dafa da shi ba, ba sheƙin roba a jikin abinci, ba faranti mai bakin zinariya.

Ka fitar da huɗu-huɗu na kowanne, ka turo mini kafin la'asar. Gobe da safe zan kai wa Hajiya, mu ajiye su kusa da farantin da aka zubo daga madafa mu gwada.