Zuwa ga Ƙanena Sadiƙ, Angon Asabar

Assalamu alaikum Sadiƙ.

Na ga saƙonka bayan Isha'i, na kuma ji daɗi da ka tunkare ni maimakon ka kai maganar majalisar abokai. Tsoron da kake ji, na kada ka kasa kusantar amaryarka a daren farko, ba ciwo ba ne. Maza da yawa sun shiga ɗakin amarya da shi, ba sa faɗa ne kawai.

Ga yadda jikin namiji yake: idan fargaba ta kama shi, jijiyoyin jini sukan tsuke, gaba kuwa da jini yake miƙewa. Shi ya sa mai sa ido a kan kansa yana jira ya ga ko zai iya, shi ne abin ya fi kufce wa. Ga gajiyar biki, ga cunkoson hanya daga Idi-Araba zuwa Agege kafin a kawo maka Maryam, watakila sai sha ɗayan dare. In jiki ya ƙi a daren, gajiya ce. In kuma ka yi saurin kawowa, haka farkon yawancin maza yake, yana daidaita da sabo.

Babu inda addini ya wajabta cewa sai a daren farko. Idan 'yan rakiya sun watse, ka yi wanka, ku yi nafila raka'a biyu, ka dafa goshinta ka yi addu'a. Ku ci kazarku, ku sha madara, ku yi hira. Ka tuna ita ma a tsorace take, watakila fiye da kai, ta baro gidansu tana kuka. Ka ce mata, "Ba gaggawa muke yi ba." Wannan kalma za ta sauke muku nauyi ku duka biyun. In sha'awa ta zo, ka fara da wasa mai tsawo, ka bi a hankali, in ta ce da zafi ka dakata. Akwai man santsi mai ruwa a kemis, saye ba abin kunya ba ne. Kuma don Allah kada ka tsaya neman jini: budurwa da yawa ba sa zubarwa.

Abin da nake roƙonka da babbar murya: ka guji magungunan ƙarfin maza da ake tallawa a tasha da ƙarƙashin gada, da tiramadol ɗin da abokai za su cusa maka. Ba ka san me aka zuba ciki ba, wasu na kayar da jini, su wahalar da zuciya. Shekarunka 27, lafiyarka ƙalau.

Idan aka yi wata uku abin bai daidaita ba, sai mu je asibiti a duba suga da hawan jini, ni zan raka ka. Ranar Juma'a ka kwanta da wuri, hidimar abinci da kujeru ka bar mana.

Allah Ya sanya albarka, Ya ba da zuriya ɗayyiba.

Yayanka,
Bala