Ƙa'idar Rubutun Ofishinmu: Haruffa, Kanu da Harshen Takarda

Zuwa ga dukkan ma'aikata da 'yan kwamitin ƙungiya, daga ofishin Sakatare. Za ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026.

Dalilin wannan takarda

A taron ƙarshen shekara mun shimfiɗa takardu bakwai a kan tebur: wasiƙu uku, rahoton Ma'aji, bayanin taro biyu da sanarwar rabon taki. Wanda bai san mu ba zai rantse ƙungiyoyi bakwai ne suka rubuta su. Sunanmu kansa ya fito iri uku. A rahoton da muka aika wa masu tallafa mana kuwa, duk inda aka rubuta "ƙauye" sai ya bayyana da wata baka mai lanƙwasa a gurbin ƙ. Mu shida ne a ofis, kwamfutocinmu uku. Bai kamata a ce mun kasa magana da murya ɗaya ba. Duk takardar da za ta ɗauki tambarin ƙungiya, daga wasiƙa har sanarwar da za a manna a ƙofa, wannan ƙa'ida za ta bi.

Fara daga zubin ofis

Kada ka buɗe farar takarda, kada kuma ka ɗauko wasiƙar bara ka goge ka rubuta a kai. Ta nan ne tsohon kwanan wata da sunan wani hakimi ke lallaɓowa cikin sabuwar wasiƙa. A kowace kwamfuta akwai zubi uku, wato takardun da aka riga aka tsara don a riƙa farawa daga gare su:

```
wasika.dotx
rahoto.dotx
bayanin-taro.dotx
```

Idan ka danna ɗaya sau biyu, Word zai ba ka sabuwar takarda, zubin ya zauna yadda yake. An riga an saita girman takarda a A4, wato santimita 21 a faɗi da 29.7 a tsawo, da gefe na santimita 2.5 ta kowace fuska. Wanda ya ga Letter a wurin girma ya maida shi A4 kafin ya buga, domin waccan takardar Amurka ce, ta fi tamu gajarta da faɗi, ita ke sa sa hannun Shugaba ya zame shi kaɗai zuwa shafi na biyu.

Samfurin haruffa

Arial muka zaɓa, shi kaɗai, a jiki da kanu. Ba don ya fi kowane kyau ba. Yana nan a kwamfutocinmu duka uku, yana nan a shagon buga takardu na bakin kasuwa, kuma yana da ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Jikin rubutu girma 11, tazarar layi 1.15. Sanarwar bango kawai aka yarda ta kai 16 ko sama, saboda dattawa.

Ku lura da abu ɗaya. Word ya daɗe yana buɗewa da Calibri tun fitowar 2007, sababbin fitowa kuma sun koma Aptos. Kwamfutar Ma'aji sabuwa ce, sauran biyun tsofaffi. Takardar da aka rubuta da samfurin da wata na'ura ba ta da shi, na'urar za ta musanya shi da wani ba tare da ta yi sallama ba, shafuka su gurɓata. Zubin ofis ya kawar da wannan matsala, in dai daga shi aka fara.

Haruffa masu ƙugiya

Nan ne muka fi shan wahala, don haka a karanta a tsanake.

Ba a yarda a rubuta Hausa ba ƙugiya ba. "Kasa" ba "ƙasa" ba ce, "bari" ba "ɓari" ba ne, kuma wasiƙar da ta ce an "kara" kuɗin rajista ta bar mai karatu da aikin da ya kamata mu yi masa. An kuma hana tsofaffin samfuran nan da ke ɗora ƙ ko ɗ a kan maɓallin baka. A allonka za su yi kyau, amma a ƙarƙashi harafin baka ne, da zarar takardar ta je wata kwamfuta ko aka kwafa ta zuwa waya sai asiri ya tonu. Abin da ya faru da rahotonmu ke nan.

An sa tsarin maɓallan rubutun Hausa a kwamfutoci ukun. Wanda ya sami kansa a wata na'ura ta daban, a Word zai rubuta lambar harafin sannan ya danna Alt+X:

```
ɓ U+0253   Ɓ U+0181
ɗ U+0257   Ɗ U+018A
ƙ U+0199   Ƙ U+0198
₦ U+20A6
```

A rubuta lambar har da U+ ɗinta. Idan ba a sa shi ba, harafi irin a ko d da ya gabace ta zai shige cikin lambar, ka ga wani baƙon abu ya fito, ko kuma ba abin da ya fito.

'Ya'ya da 'yan'uwa, da 'y muke rubuta su kamar yadda ake yi a Nijeriya. Abokan aikinmu na Maraɗi suna amfani da ƴ, kuma daidai ne a tsarin Nijar. Idan muka ɗauko maganarsu mu bar ta yadda suka rubuta, ba kuskure ba ne da za a gyara.

Kanu

Hawa uku ne, ba na huɗu. Babban kai Heading 1, girma 16, mai kauri. Ƙaramin kai Heading 2, girma 13, mai kauri. Na ƙarƙashinsa Heading 3, girma 11, mai kauri. Ana ɗora su da Ctrl+Alt+1, Ctrl+Alt+2 da Ctrl+Alt+3, a koma jikin rubutu da Ctrl+Shift+N. Kada a ƙara wa layi kauri da hannu a ce an yi kai. Ido zai yarda, Word ba zai yarda ba, kuma ranar da ake son jerin abubuwan da ke ciki ya fito da kansa, wannan layin ba zai shiga ba.

Kai ya faɗi abin da ke ƙarƙashinsa cikin kalmomi da ba su wuce takwas ba. "Kuɗin da aka kashe a gyaran rijiya" kai ne. "Bayani" ba kai ba ne. Ba aya a ƙarshensa, ba jan layi a ƙasansa, ba a kuma rubuta shi duka da manyan baƙaƙe. Launin kanu kore mai duhu ne irin na tambarinmu, yana cikin zubi, ba a ƙara wani launi. Injinmu baƙi da fari yake bugawa, ruwan ɗorawa a wurinsa tamkar babu ne.

Sabon shafi da Ctrl+Enter ake buɗe shi, ba da danna Enter sau goma sha biyar ba. Abin da aka kwafo daga waya ko wata takarda a manna shi da Keep Text Only, kada ya shigo da kayan gidansu.

Kwanan wata, kuɗi da lambobi

A cikin rubutu: 14 ga Maris, 2026. Ba ma rubuta 3/4/26, domin wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani 4 ga Maris. Wasiƙar da za ta je fada ko wurin malamai a sa kwanan Hijira a gaba, na Miladiyya ya biyo baya. A duba kwanan da aka sanar bayan ganin wata, kada a dogara da kalandar bango.

Kuɗi: ₦250,000 a tebur da rasit, Naira 250,000 a cikin jimla. A yarjejeniya a maimaita shi da kalmomi, Naira dubu ɗari biyu da hamsin. Daga ɗaya zuwa goma da kalmomi, daga 11 zuwa sama da lamba, sai fa awo da kuɗi, su kullum lamba ne.

Rabawa da haɗa kalmomi

Waɗannan su ne suka fi yawo a takardunmu. Ana haɗa yana, tana, suna, muke, da kuma gidansa, ofishinmu. Ana raba za a, ba a, za mu, shi ne, ita ce. Ma'aikata, sana'a da jama'a ba sa rasa alamarsu ta tsakiya. Sunan ƙungiya a rubuta shi cikakke, daidai da yadda yake a takardar rajista, a karon farko. Bayan nan "ƙungiya" ta isa.

Harshen takarda

Mu mutanen gaisuwa ne, ba za mu daina ba. Amma gaisuwa jimla ɗaya ce ko biyu, buƙata ta biyo nan take. Mun sha aika wasiƙar da sai a sakin layi na huɗu mai karatu zai gane filin taro muke nema. Ga yadda muke so:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna neman izinin amfani da filin ƙofar fada ranar Asabar, 14 ga Maris, 2026, daga ƙarfe 9 na safe zuwa azahar, domin rabon irin shuka ga manoma 120."

Hakimi da dagaci, "Ranka ya daɗe". Malamin addini, "Allah ya gafarta Malam". Jami'in gwamnati, muƙaminsa. 'Yan ƙungiya, "Ya ku 'yan'uwa". Da sunan ƙungiya muke magana, saboda haka "mun" da "muna" ne, ba "na" da "ina" ba, ko da mutum ɗaya ya rubuta.

A rahoto a faɗi wanda ya yi abu. "An kashe kuɗi" ba ta gamsar da kowa. "Kwamitin ruwa ya kashe Naira 180,000 a gyaran famfo biyu" ita ce magana. Kalmomi irin "gagarumin ci gaba" da "ɗimbin jama'a" a cire su a sa adadi. Idan aiki bai yiwu ba a ce bai yiwu ba, a kawo dalili. Karin magana ana maraba da ita a jawabi da sanarwa, guda ɗaya. Rahoton kuɗi ba wurinta ba ne. Habaici da zambo kuwa ba sa hawa takarda mai tambarinmu, ko wa ya ɓata mana.

Mutanen da muke yi wa aiki manoma ne, iyaye mata ne, masu sana'a ne. Ba ma kiransu "talakawa marasa galihu" don jawo tausayin mai ba da tallafi. Ba a sa sunan mutum ko hotonsa a rahoto sai ya yarda, yaro kuwa sai mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yarda.

Takardar da ke buƙatar Hausa da Turanci a yi ta biyu, kowace ta tsaya da ƙafarta. Ba a cakuɗa su a jimla ɗaya.

Sunan fayil da fitarwa

Shekara, wata, rana, sannan batu, da ƙananan baƙaƙe. Nan kaɗai ba a sa ƙugiya, domin wasu na'urori kan dagula ta a sunan fayil:

```
2026-03-14-wasika-filin-taro.docx
```

Abin da zai fita waje a maida shi PDF, a buɗe shi a waya a tabbata ɗ da ƙ suna nan. Wanda ya rubuta ba shi ke dubawa ba: wani ya karanta, sannan Sakatare ya gani, sannan sa hannu.

Sakatare ne kaɗai ke taɓa zubin nan uku. Mai gyara ko ƙorafi ya rubuta a littafin da ke kan teburin shiga, za a duba su a taron ma'aikata na watan Yuni. Mataimakiyar Sakatare za ta zauna da kowa na rabin awa a makon farko na Janairu, a gaban kwamfutar da yake aiki da ita, kowa ya zo da wasiƙar da ya rubuta ta ƙarshe.