Kaɗawar Bulala: Wasan Odar Sukari

Kun taɓa lura da makiyayi in ya kaɗa bulala? Wuyan hannunsa kaɗan yake motsawa, amma bakin bulalar sai ya yi tsalle har ya yi ƙara. Haka oda take yi idan ta tashi daga mai shago ta nufi masana'anta. Jay Forrester na jami'ar MIT a Amurka ya bayyana wannan tun 1961. Sunan bulala kuwa ya bazu ne bayan kamfanin da ke yin kunzugun jarirai na Famfas ya ga odar diloli tana hawa da sauka, alhali jarirai ba su sauya yawan abin da suke ɓatawa ba.

Bari mu gwada shi da wasa. Ku rabu huɗu-huɗu. Na farko mai shago ne a unguwar Mabera ta Sakkwato, na biyu dila a Babbar Kasuwar Sakkwato, na uku babban dila a Kasuwar Singa ta Kano, na huɗu masana'anta a Legas. Kowa ya ɗebi ƙwayar wake 12, kowace ƙwaya buhun sukari ce. Kowane zagaye mako guda ne: ka karɓi kayan da suka iso, ka sallami mai saye, ka rubuta odarka a takarda, ka miƙa wa na samanka a ninke. Kaya sai sun yi mako 2 a hanya. Ba a magana, kuma ban da leƙen waken maƙwabci, na san halinku. Buhun da ya kwana a sito tararsa naira 50, wanda aka nema ba ka da shi naira 100.

Ni ne mai saye. Zan riƙa sayen buhu 4, ranar da na ga dama in koma 8, kamar dai azumi ya ƙarato.

To ga inda gizo ke saƙar. Mai shago ya ga 8 maimakon 4, sai ya nemi 8, ya ƙara 4 don cike giɓin sitonsa: 12. Dila ya ga 12, giɓinsa 8, ya nemi 20. Na Kano ya nemi 36. Masana'anta ta shirya 68. Kowa lissafinsa daidai ne a wurin zamansa, ga shi buhu 4 kacal na ƙara. Mafi muni, in kaya suka yi jinkiri sai mutum ya manta da odar da ke kan hanya, ya sake rubuta wata. In duk suka iso lokaci guda, wake ya cika tebur, oda ta koma sifili.

A kasuwar gaske akwai ƙari: jiran a cika tirela kafin a yi oda, saye da yawa don jin farashi zai tashi, da ninka oda idan kaya sun yi ƙaranci.

Bayan mako 20 ku zana odar kowa a allo. Sannan mu sake wasan, wannan karon mai shago yana faɗa da ƙarfi abin da na saya kowane mako, ku kwatanta tarar wasannin biyu.