Neman ƙarin girma da sauyin sashe: muƙamin Jami'in Sayayya

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa tare da fatan kana lafiya, na rubuto ne domin neman muƙamin Jami'in Sayayya wanda ofishinka ya sanar da gurbinsa ga ma'aikatan cikin gida a makon jiya.

Na kama aiki a wannan kamfani a shekarar 2020 a matsayin akawun sito, aka kuma ɗaga ni zuwa mataimakiyar ma'aji a 2023. Duk kayan da Sashen Sayayya ya yi oda, a gabana ake sauke su, kuma ba na sa hannu sai na gwada takardar oda da takardar rakiyar kaya da abin da na ƙirga da hannuna. Wannan tsayuwa a bakin sito ta sa na san masu kawo mana kaya fiye da yadda takardunsu ke nuna su: na san wanda ke cika alkawari, na san mai kawo rabi ya ce saura na hanya, da kuma wanda arahar farashinsa ke komawa asara idan aka buɗe kwali aka tarar da abin da ba shi aka nema ba. A ganina, irin wannan sani ya fi amfani a teburin da ake zaɓar mai kawo kaya, tun kafin a rubuta oda.

A bara, da amincewar ma'aji, na tsara jadawali a Excel wanda ke nuna adadin da in kowane kaya ya sauko gare shi za a sake oda, gwargwadon saurin fitarsa da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya iso. Tun daga nan sayayyar gaggawa, wadda ba ta barin a kwatanta farashi, ta ragu ƙwarai, kuma rahotannin ƙidayar ƙarshen wata suna nan ga mai son dubawa. Haka kuma, ni na riƙe sito lokacin da ma'aji ya tafi hutun shekara.

Na sanar da ma'aji niyyata kafin in rubuto, ya kuma ce a shirye yake ya ba da shaida a kaina. Idan aka amince, ina roƙon a ba ni wata guda in miƙa ragamar aiki ga wanda zai gaje ni, domin kada a bar sito da giɓi gab da ƙidayar ƙarshen shekara.

Na haɗo takardar tarihin aikina da kwafin difilomata ta harkar sayayya da adana kaya. A shirye nake in zo ganawa duk ranar da aka tsayar.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Hadiza
Mataimakiyar Ma'aji, Sashen Sito