Wasiƙar Neman Haɗin Gwiwa Tsakanin Tashar Farashin Kasuwa da Tashar Girki

Daga mai tashar farashin kasuwa, Tudun Wada, Kaduna
Zuwa ga Hajiya mai tashar girke-girke, Unguwar Rimi, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da Alhaji da yara, na rubuto ne domin in sanya a takarda maganar da muka fara ta waya, wato shirin da nake so tashoshinmu biyu su yi tare a kan cefanen azumi. Na ga ya fi kyau a rubuta komai tun kafin a kunna kyamara, musamman abin da ya shafi kuɗi, domin kowa ya san abin da ya hau kansa da abin da zai samu.

Ya kamata in fara da dalilin da ya sa na nemi tasharki, alhali akwai waɗanda suka fi mu yawan mabiya. Tashata tana da mabiya 38,000, taki kuwa 52,000, saboda haka babu wadda za ta shanye ɗaya, kuma babu wanda zai ji kamar alfarma aka yi masa. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne irin mutanen da ke kallonmu. Alƙaluman da YouTube Studio ke nuna mini sun ce mafi yawan masu kallona maza ne magidanta, waɗanda ke son sanin kuɗin mudun gero da kwandon tumatir kafin su bar gida, ke kuma kin shaida mini cewa naki mafi yawansu mata ne. Ke nan gida ɗaya muke yi wa magana, ni ina tare da mai cefane, ke kina tare da mai ɗora tukunya, kuma har yanzu jama'ar kowannenmu ba su san ɗayan ba. Da wata tashar farashi na nema, da mutanen da nake da su zan sake tararwa. Na kuma kalli shirye-shiryenki na watannin baya a tsanake, na ga ba kya zuzuta kayan da ba ki gwada ba, kuma ba kya shiga cacar baki da kowa, wanda shi ne abin da ya kwantar mini da hankali, tun da duk wanda na tura mutanena wurinsa tamkar na tsaya masa ne.

Shirin da nake ba da shawara shi ne mu nuna yadda Naira 40,000 za ta wadaci gida mai mutum shida da buɗe-baki na kwana uku. Za mu raba shi kashi biyu, kowane kashi a tashar mai shi. Kashi na farko nawa ne: ranar Talata, makonni uku kafin azumi, za mu shiga Kasuwar Kawo da sassafe, kina zaɓen gero da wake da tsamiya da citta da man gyaɗa, ina tayawa ina faɗin farashi, sannan mu biya ta Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi domin nama da abin da ya rage. Ina so mu ɗan tsaya a wurin masu citta, domin tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta a Kachia da kewaye a 2023 mutane ke yawan tambayata a kan tsadarta. Kashi na biyu naki ne, washegari a kicin ɗinki, inda za ki yi kunun tsamiya da ƙosai da farfesu da kayan da muka sayo, ba tare da an ƙara ko albasa ɗaya daga waje ba, ni kuma ina gefe ina lissafin abin da kowane kwano ya ci. Kowane kashi kada ya wuce minti 15. Za mu nemi izinin duk ɗan kasuwar da fuskarsa za ta fito, kuma zan sanar da shugabannin kasuwa tun kafin ranar.

Na san wasu sukan ɗora bidiyo guda a tashoshi biyu, amma ban ga hikimar hakan ba, domin wanda ya kalla a wuri ɗaya ba shi da dalilin zuwa ɗayan, alhali zuwan nan shi ne ribar da muke nema. Idan nawa ya ƙare a daidai lokacin da aka ɗaura kaya a bayan Keke Napep, to dole mai son ganin ƙarshen Naira 40,000 ɗin nan ya tafi wurinki. Don haka a daƙiƙoƙi 20 na ƙarshe kowa zai sa katin bidiyon ɗan'uwansa, ya kuma sa adireshinsa a layin farko na bayanin da ke ƙarƙashi. Kowa zai tace nasa, ya ɗora shi a matsayin Unlisted, ya tura wa ɗayan kwana uku kafin fitarwa, kuma duk wurin da ɗayanmu ya ce a cire daga fitowarsa, za a cire ba tare da jayayya ba. Za mu saki duka biyun ranar Juma'ar makon da ke biye da na ɗauka, da ƙarfe takwas na dare.

Sai maganar rabo. Kuɗin tallar YouTube ba na jin akwai buƙatar mu raba shi. Kamfanin yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo, yana kuma zuba shi ne a asusun AdSense na tashar da ta ɗora, saboda haka kowa ya riƙe abin da kashinsa ya kawo, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan zai raba mu da bin juna da lissafin dala wata bayan wata. Haka gajerun bidiyoyin Shorts: kowa yana iya yankar guda uku daga kashin ɗayan, muddin ya ambaci tashar da suka fito.

Abin da za mu raba shi ne kuɗin mai ɗaukar nauyi. Wani dilan kayan ƙamshi a Kasuwar Bacci ya amince zai biya Naira 300,000 domin a nuna kayansa a kashi biyun, rabi kafin ɗauka, rabi bayan fitarwa. Za a fara cire ɗawainiya: 40,000 na cefane, 60,000 na mai ɗaukar hoto na kwana biyu, da 20,000 na sufuri da man janareta, jimilla 120,000. Ragowar 180,000 ina ganin mu raba ta biyu daidai, kowa 90,000. Na yi tunanin a raba bisa yawan mabiya, sai na ga mabiya ba su ne aiki ba. Ni na nemo dilan, ke kuma a hannunki da tukunyarki za a ga kayansa, kuma ban iya cewa ɗaya ya fi ɗaya nauyi ba. Kuɗin zai shigo asusuna, zan tura miki rabonki cikin kwana biyu tare da shaidar banki da rasiɗan abin da aka kashe. Zan kawo miki kayan ki gwada tukuna, idan ba su yi miki ba mu mayar masa da kuɗinsa, mu raba ɗawainiyar 60,000 kowa. Dukkanmu za mu latsa wurin da YouTube ya tanada na bayyana talla da aka biya, mu kuma faɗa da bakinmu a farkon shiri.

Idan rashin lafiya ko wani uzuri ya hana ɗayanmu, za a ɗaga zuwa Talata mai zuwa. Babu wanda zai goge kashinsa kafin shekara ta cika sai da yardar ɗayan. Bayan kwana 28 da fitarwa kuma za mu nuna wa juna alƙaluman masu kallo da sababbin mabiya, daga nan mu ga ko za mu yi na cefanen Sallah.

Ina roƙon ki duba wannan tare da Alhaji, ki gyara duk abin da bai yi miki ba, ki ba ni amsa kafin ranar Alhamis domin in tabbatar wa dilan da mai ɗaukar hoto. Idan kin amince, zan kawo kwafi biyu gida mu sa hannu a gaban shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Na gode ƙwarai. Wassalam.

Ƙaninki,
Mai tashar farashin kasuwa, Tudun Wada